Yadda Mai Gidajen Haya Zai Amsa Takardar Haraji, da Yadda Zai Tace Rasitansa

Na daɗe ina riƙe wa masu gidajen haya lissafi, kuma duk wanda ya zo mini da takardar hukumar haraji a hannu, abu biyu yake zuwa da su: fargaba, da leda cike da rasitai a cakuɗe. Fargabar tana wucewa da an zauna. Ledar ce aikin. A cikinta akwai takardun da za su rage maka haraji, akwai waɗanda sai an nemo musu mataimaki, akwai kuma waɗanda idan ka miƙa su za su sa jami'in ya daina yarda da sauran.

Zan bi da kai ta kan lissafin wani mai gida da na yi wa wannan aikin. Gida ɗaya gare shi mai fulat shida, kowane sashe ɗaki da falo da kicin da banɗaki, kuma ba shi da wata hanyar samun kuɗi sai hayar. An aiko masa da takarda kan kuɗin hayar shekarar 2024.

Abin da za ka tanada kafin ka zauna

- Takardar da aka aiko, da ambulan ɗinta idan akwai kwanan wata a jiki.
- Yarjejeniyar haya ta kowane sashe, da kututturen littafin rasit ɗin da kake yanka wa 'yan haya.
- Bayanan asusun bankinka na shekarar duka, daga Janairu zuwa Disamba, wanda banki ya buga wa hatimi. Idan haya tana shiga asusu biyu, ka karɓo duka biyun.
- Duk rasitan kashe kuɗi, har waɗanda kake ganin ba su da amfani.
- Lambarka ta mai biyan haraji, da shaidar harajin da ka taɓa biya a baya.
- Fayil uku, littafi mai layi, kalkuleta, da kuɗin fotokofi.

1. Karanta takardar, ka gane wace iri ce

Takardun nan iri biyu ne, kuma mutane suna rikita su. Ta farko tana neman bayani ne kawai: ka cike fom ɗin kuɗin shiga, ko ka kawo jerin gidajenka da 'yan hayarka zuwa rana kaza. Ta biyu ita ce takardar ƙiyasi, wadda aka riga aka rubuta adadin harajin da ake bin ka. Idan mutum bai kai bayanan kuɗin shigarsa ba, doka ta ba hukuma dama ta ƙiyasta da kanta gwargwadon abin da ta gani, kuma irin wannan ƙiyasin ba ya cire ko sisin kwabo na gyara, tun da ba wanda ya nuna mata an yi gyaran.

Idan ta ƙiyasi ce, kwana 30 gare ka daga ranar da aka ba ka ita ka rubuta ƙin amincewa. Idan kwanakin suka wuce ba ka rubuta ba, adadin ya zauna, ya zama bashi a wuyanka ko da rasitanka sun cika buhu. Saboda haka kafin komai ka ɗauki biro ka rubuta ranar da ta shigo hannunka a saman takardar, ka ƙirga talatin, ka cire mako ɗaya, wannan ita ce ranarka. Zuwa ofis a yi magana da baki ba ya tsayar da ƙirgar, komai kyawun tarbar da aka yi maka.

Ka kuma duba wa ya aiko. Harajin kuɗin shigar mutum na hukumar haraji ta jihar da yake zaune ne, ba jihar da gidan yake ba. Mazaunin Kano mai gidan haya a Zariya, a Kano zai bayyana hayar. Kuɗin ƙasa, wanda ake biyan gwamnati a kan filin da aka yi ginin, shi ne ke bin gidan inda yake. Idan kuma gidan da sunan kamfani yake, wannan lissafin na hukumar tarayya ne, kuma hanyarsa daban da wadda nake bayani.

Ta mutumina ta ƙiyasi ce. An ɗauka sassa shida duk a cike suke, kowanne naira 800,000 a shekara, jimilla naira 4,800,000, aka yanka masa harajin naira 665,600.

2. Fara da abin da ya shigo, ba abin da ya fita ba

Kowa yana ɗokin zazzage rasitan gyara. Dakata tukuna. Mafi yawan kuɗin da ke raguwa a irin wannan takarda daga gyara adadin hayar yake fitowa, kuma jami'in da ya ga ka faɗi gaskiya a kan abin da ka karɓa ya fi saurin sauraron abin da ka kashe.

Ka ba kowane sashe shafi ɗaya a littafinka: wa ke ciki, nawa ne a shekara, yaushe ya biya, ta wace hanya. Sai ka bi bayanan banki da jan biro kana yi wa kowane kuɗin haya alama. Wanda ya biya hannu da hannu, ka nemo kututturen rasit ɗinsa. Ga abin da ya fito wa mutumina:

- Sashe na 1, na 2 da na 3: naira 600,000 kowanne, an biya a Janairu. Jimilla 1,800,000.
- Sashe na 4: a rufe yake daga Janairu zuwa Afrilu. Sabon ɗan haya ya shiga a Mayu ya biya 600,000 na shekara.
- Sashe na 5: wani kamfani ne ya kama wa ma'aikacinsa a kan 720,000.
- Sashe na 6: ƙaninsa ne a ciki da iyalinsa, ba ya biyan komai.

Sashe na 4 yana da darasi. A dokar da ta shafi wannan shekarar, hayar da aka biya gaba ana shimfiɗa ta ne a kan watannin da aka biya dominsu. Wata takwas ne suka faɗo cikin 2024, wato naira 400,000, sauran 200,000 kuma na 2025 ne, kuma sai ka tuna ka saka su can. Haka idan wani ya biya na shekara biyu lokaci ɗaya.

Sashe na 5 kuma shi ne inda na fi ganin masu gidaje suna cutar kansu. Kamfani idan zai biya haya yana cire kashi 10 cikin ɗari ya kai wa hukuma da sunanka. Mutumina ya ga 648,000 a asusu, shi ya rubuta a matsayin haya, ya manta da 72,000. Abin da ya dace shi ne ka rubuta hayar cikakkiya, 720,000, sannan a ƙarshen lissafi ka cire 72,000 ɗin daga harajin kansa, domin haraji ne da aka riga aka biya maka. Amma sai da takardar shaidar cirewar. Ka je wajen akantan kamfanin ka karɓo ta tun makon farko, don takan ɗauki lokaci.

Kuɗin ajiya na ɓarna da ɗan haya ya bayar, wanda za ka mayar masa ranar da zai tashi, ba haya ba ne. Ka ware shi, ka nuna sakin layin da ya ambace shi a yarjejeniya. Jimillar hayar mutumina ta tsaya a naira 2,920,000.

3. Yi wa kowane kashe kuɗi tambaya biyu

Ka'idar gajeriya ce: abin da ake cirewa shi ne kuɗin da aka kashe kacokan domin samun hayar. Daga nan tambayoyi biyu suke fitowa.

Ta farko: domin gidan haya aka kashe, ko domin kai? Kuɗin wutar gidan da kake kwana, man motarka, kuɗin makarantar yara, duk ba su shiga. Zakka da sadaka ma ba a nan ake rubuta su ba, tun da ba domin hayar ta shigo aka fitar da su ba.

Ta biyu ita ce mai wuya: gyara ne ko ƙari? Gyara shi ne mayar da abu yadda yake a da. Kwano yana yoyo ka canja falle goma, famfo ya fashe ka sake, ɗan haya ya tashi ka shafa fenti, sokawe ya cika ka kira motar kwasa. Ƙari kuwa shi ne ka samar da abin da babu shi, ko ka ɗaukaka gidan zuwa wani matsayi: sabon ɗaki, katanga inda babu, tayil a ƙasan da a da siminti ne, rijiyar burtsatse. Wannan jari ne ka zuba, kuma ba a cire jari gaba ɗaya a shekara guda. Yana da nasa rangwamen da ake bayarwa kaɗan-kaɗan a shekaru, wanda ake nema a jadawali na daban.

Mutumina ya haƙa rijiyar burtsatse ta naira 1,800,000 a wannan shekarar, kuma a kanta ya ɗora duk begensa. Rasit ɗinta ya fi kowanne kyau, da hatimi da komai. Sai da muka yi doguwar magana kafin ya yarda cewa kyawun rasit ba ya mayar da jari gyara. Ban jefar da shi ba, na ajiye shi a fayil ɗinsa don neman rangwamen jari. Ranar da injin rijiyar ya lalace aka gyara, wannan kuɗin gyaran zai shiga lissafin shekararsa.

Idan da bashin banki ka gina, kuɗin ruwan da ka biya yana shiga, amma uwar kuɗin ba ta shiga. Ka nemi banki ya raba maka su a takarda.

4. Raba abin da aka yi tarayya a kansa

Mai gadi yana gadin sassa shida ne, har da na ƙanin da ba ya biyan haya. Rufin da aka gyara ma duka shidan ya rufe. Tun da sashe na 6 ba ya kawo komai, rabonsa na waɗannan kuɗaɗe ba ya shiga. Sai muka ɗauki kashi biyar cikin shida na duk abin da ya shafi gidan baki ɗaya, muka rubuta a fili cewa haka muka raba. Idan sassanka ba girma ɗaya ba ne, raba da yawan ɗakuna, amma hanya ɗaya za ka bi daga farko har ƙarshe.

Sashe na 4 da ya zauna a rufe wata huɗu daban yake da na ƙanin. Ana neman ɗan haya ne bai samu ba, kuma fentin da aka yi masa a lokacin domin a samu ɗan hayan ne. Rabonsa yana nan.

5. Tace rasitan zuwa fayil uku

Yanzu ne za ka zazzage ledar. Takarda mai ƙarfi tana amsa abu biyar da kanta: wa aka biya, yaushe, nawa, domin me, kuma a wane gida. Na ƙarshen nan ne kusan kullum babu. Rasit ɗin buhun siminti ashirin daga kasuwa ba ya faɗin ko gidan haya aka kai ko gidanka na zama. Abin da ke ɗaure shi da gidan shi ne wata shaida ta biyu: hoton aikin mai kwanan wata a waya, saƙon da ɗan haya ya turo yana kukan yoyo, ko tiransifar da ka yi wa kafinta a makon.

Fayil na farko na masu tsayuwa da ƙafarsu ne: rasit mai sunan shago da adireshi, wanda kuɗinsa da ranarsa suka dace da abin da ya fita daga banki. Rasit ɗin kuɗin ƙasa na gwamnati yana nan, haka na kamfanin kwasar sokawe.

Fayil na biyu na waɗanda kuɗin gaskiya ne amma takardar gurguwa ce. Yawancin aikin hannu a nan yake faɗawa, domin birkila da kafinta da mai fenti ba su yawo da littafin rasit. Idan ta banki ka biya, rabin aikin ya ƙare. Ka nemo ma'aikacin, a rubuta takardar shaida cewa ya yi aiki kaza a gida kaza a wata kaza ya karɓi kaza, ya sa hannu ko ya dangwala, da lambar wayarsa. Kwanan watan da za a sa a ƙasa na ranar da aka rubuta ne, ba na ranar aikin ba. Kada ka kuskura ka mayar da shi baya don ya yi kama da tsohon rasit. Takardar da ta ce "na tabbatar yau cewa bara na yi wannan aikin" shaida ce ta gaskiya, wadda aka yi wa kwanan watan bara kuwa jabu ce.

Mai gadin mutumina a hannu yake karɓar naira 30,000 duk wata. Abin da ya cece mu shi ne wani ƙaramin littafi da yake dangwalawa a ciki duk ƙarshen wata. Idan ba ka da irinsa, ka sayi ɗaya yau.

Fayil na uku na waɗanda za ka haƙura da su ne. Akwai naira 90,000 da ya ce ya ba wani birkila a hannu, ba rasit, ba tiransifa, ba hoto, birkilan kuma ya bar gari. Na yarda da shi cewa ya biya. Amma na cire shi, domin ba abin da zan nuna. Akwai kuma la'adar dillalin da ya kawo ɗan hayan sashe na 4. Da muka bincika, ɗan hayan ne ya biya ta, kamar yadda aka saba a wurare da yawa. Abin da bai fita daga aljihunka ba, ba naka ba ne ka cire.

A nan ne wasu ke ba da shawarar a je shago a sayi rasit a cike gurbi. Ina roƙonka kada ka yi. Jami'an nan rasitai suke kallo daga safe har yamma. Rasitai uku na watanni daban-daban masu lambobi a jere, da biro ɗaya da rubutun hannu ɗaya, ba su ɓuya. Da an kama ɗaya, na gaskiyar ma sun shiga tuhuma, kuma magana ta tashi daga saɓanin lissafi ta koma bayar da bayanin ƙarya, wanda laifi ne mai hukunci.

Wani ƙaramin abu: rasitan nan masu santsi da na'ura ke fitarwa suna goge kansu cikin 'yan watanni, balle a zafin mota. Ka yi musu fotokofi ko hoto tun ranar da ka karɓa. Idan sun riga sun goge, layin da ke bayanan banki ne zai tsaya a madadinsu.

6. Haɗa lissafin a shafi ɗaya

Ga abin da ya tsallake tacewa:

- Fenti da gyaran famfo a sashe na 4: 185,000, duka.
- Gyaran rufi, 240,000: kashi biyar cikin shida, 200,000.
- Mai gadi, 360,000 a shekara: 300,000.
- Kwasar sokawe, 60,000: 50,000.
- Kuɗin ƙasa, 30,000: 25,000.

Jimilla naira 760,000. Idan aka cire daga 2,920,000, ribar haya ta zama 2,160,000. Dokar wancan lokacin tana ba da rangwamen naira 200,000 da kuma kashi 20 cikin ɗari na ribar, wato 632,000 a nan, saura 1,528,000. Ana yankawa hawa-hawa: kashi 7 a kan 300,000 na farko, kashi 11 a kan 300,000 na biyu, kashi 15 a kan 500,000 da ke biye, sauran 428,000 kuma kashi 19. Ya ba da naira 210,320. Aka cire 72,000 da kamfani ya riga ya biya, ya rage 138,320.

Ka lura da abu biyu. Idan kana da albashi ko kasuwanci, ribar hayar tana hawa kansu ne a yi lissafi ɗaya, don haka kason da za ta faɗa zai fi wannan tsada. Sannan sabuwar dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta canja hawa-hawan: naira 800,000 na farko babu haraji a kansu, kuma wancan rangwamen an soke shi. Ka duba shekarar da takardarka ke magana a kai kafin ka ɗauki kalkuleta. Sabuwar dokar ta kuma ba ɗan haya rangwamen kashi 20 cikin ɗari na hayar da ya biya, iyakarsa naira 500,000, idan ya bayyana ta. Ma'ana 'yan hayarka yanzu suna da dalilin faɗa wa hukuma ainihin abin da suke ba ka, kuma adadinka da nasu za su haɗu a tebur ɗaya.

7. Rubuta amsar, ka kai da kanka

Wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya. Ka sa lambar takardarsu da ranarta, ka ce ba ka amince da ƙiyasin ba, sannan ka jera dalilai da lamba: sassa biyar ne a haya ba shida ba, ainihin hayar kaza ce, ba a cire kuɗin gyara kaza ba, ba a lissafa abin da kamfani ya cire daga haya ya kai wa hukuma ba. Ka rufe da adadin da ka yarda ana bin ka. Wasiƙar da ta ce "kuɗin ya yi yawa, a tausaya" ba ta da dalilin da za a duba.

Ka sa wa kowace takardar shaida lamba a kusurwa, lambar ta dace da layinta a shafin lissafi, yadda jami'in zai tashi daga "gyaran rufi" ya faɗa kan rasit ɗin ba tare da ya tambaye ka ba. Kwafi za ka miƙa, na asali su zauna a wajenka, ka je da su ranar da aka kira ka. Ka tafi da kwafi biyu na wasiƙar, a buga wa naka hatimin karɓa da kwanan wata. Wannan hatimin ne kaɗai shaidarka cewa ka amsa cikin kwana 30. Idan wata takarda ba ta iso ba, kamar shaidar kamfanin nan, kada ka jira ta. Miƙa wasiƙar, ka rubuta a ciki cewa takarda kaza tana tafe.

Adadin da ka amince da shi ka biya shi a asusun gwamnati ta hanyar da hukumar ta tsara, ka karɓi rasit na hukuma da sunanka da shekarar. Kada ka danƙa wa kowa kuɗi a hannu ya biya maka.

8. Bayan an miƙa

Za a iya kiran ka zama, ko a zo a ga gidan. Ka sanar da 'yan haya tun da wuri don kada su tsorata su ƙi buɗe ƙofa. A wajen zaman za a iya ƙin wani abu da ka saka. Mutumina an tsaya masa a kan rufi, ana tambaya ko gyara ne ko sabon rufi. Hotunan da ke nuna sababbin falle goma sha biyu a tsakiyar tsofaffi su suka raba gardamar.

Idan kun daidaita, ka nemi sabuwar takardar ƙiyasi da adadin da aka gyara, domin tsohuwar tana nan a rubuce har sai an maye gurbinta. Idan hukumar ta ƙi gyarawa, za ta ba ka takardar ƙin, kuma daga nan kana da wasu kwana 30 ka kai ƙara kotun ɗaukaka ƙarar haraji. Ta shiyyar Arewa maso Yamma a Kaduna take zama, ta Arewa maso Gabas a Bauchi, ta Arewa ta Tsakiya a Jos. A wannan matakin ka nemi akanta ko lauyan da ya saba da haraji. Fayilolin nan kuma, har da na ukun, ka adana su aƙalla shekara shida, domin hukuma tana iya komawa baya har tsawon haka ta sake buɗe lissafi.